Waya ta haɗa su, lamba ta raba su: yadda ake karanta zanen rezon ƙaramin ofis

Takardar da mai haɗa rezo ke bar wa ofis idan ya gama aiki, wadda ake liƙawa a ƙofar akwatin na'urori ko a jefa cikin durowar sakatare, tana ɗauke da bayani iri biyu. Akwai layuka, masu nuna inda kowace waya ta tashi da inda ta sauka. Akwai kuma lambobi da aka rubuta ƙanana a gefen layukan. Ido yakan bi layi ya tsallake lamba, alhali lambobin nan su ne ke yanke hukuncin wace na'ura za ta yi magana da wace. Kwamfuta biyu na iya zama a kan tebur guda, wayoyinsu na shiga akwati guda, amma ba sa jin juna. Wata kuma tana Maradi, wata tana Kano, suna gaisawa lafiya lau. Wanda bai iya karanta lambobin ba zai ta sake waya, yana kashe na'ura yana kunnawa, yana zargin kamfanin sadarwa, matsalar kuwa tana nan rubuce a takardar da ke gabansa.

Mu ɗauki misalin wani ofis irin waɗanda suka cika Maradi: na ɗan kasuwa mai fitar da wake da aya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, a unguwar Zariya, da ma'aikata kamar goma. Akwai ɗakin Alhaji, ɗakin akanta, teburin sakatare da firinta mai iya sikanin, sai sito a baya da kamarori ke gadi. Ga zanen da aka bar musu:

```
Intanet
  |
[Akwatin 4G]  LAN 192.168.8.1/24
  |
[R1]  WAN 192.168.8.100/24
  |-- ether2 192.168.10.1/26  --[SW1]-- ajiya .10, akanta .12,
  |                                     firinta .20, R2 .30
  |-- ether3 192.168.10.65/26 --[SW2]-- NVR .70, kamarori .71-.76

[R2]  WAN 192.168.10.30/26   LAN 192.168.0.1/24  wifi
```

R1 da R2 rutoci ne, SW1 da SW2 suwic ne. A zanen da aka yi da alamomi, ruta takan fito da siffar faifai mai kibau huɗu, biyu na shiga biyu na fita, suwic kuma akwati ne mai kibau a jere suna duban hagu da dama, intanet kuwa gajimare. NVR shi ne akwatin da ke naɗar hoton kamarori, ajiya kuma kwamfutar da lissafin ofis ke ciki. Guntayen lambobi irin su .10 da .70 ƙarshen adireshi ne, wato 192.168.10.10 da 192.168.10.70.

Abin da ya kamata a fara yi da irin wannan zane shi ne neman iyakoki, kuma iyaka ba ta zama ko'ina sai a jikin ruta. Suwic aikinsa tara na'urori wuri guda. Duk abin da aka soka a jikinsa yana cikin rezo ɗaya, kuma shi bai damu da adireshin IP ba, lambar MAC da aka ƙera kowane katin rezo da ita yake dubawa ya san ramin da zai tura saƙo. Ruta ita ce mai raba rezo da rezo, kuma kowace ƙafarta tana tsaye a cikin rezo daban da adireshi daban. Suwic kamar tsakar gida yake, inda za ka ɗaga murya ka kira mutum da sunansa kowa ya ji, ruta kuwa zaure ce: kiran tsakar gida ba ya wuce ta, wanda ke son na waje sai ya ba da saƙo a can a fitar masa.

Daga nan dabarar ƙirge take fitowa. Ka ɗora yatsa ka rufe kowace ruta a kan takardar, sannan ka ƙirga gungun layukan da suka rage a haɗe. A zanenmu, idan aka rufe akwatin 4G, wanda shi ma ruta ne ko da ba a kira shi haka ba, aka rufe R1 da R2, gungu huɗu ke ragewa a cikin ofis. Akwai guntuwar wayar da ke tsakanin akwatin 4G da R1, wadda na'ura biyu kacal ke kanta amma cikakken rezo ce mai lambarta. Akwai SW1 da duk abin da ke jikinsa. Akwai SW2 da kamarorinsa. Akwai kuma wifin da ke bayan R2. Ƙananan rezo huɗu ke nan a ofishin da kowa ke cewa rezo ɗaya gare shi.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Ƙananan rutocin gida da ake saye a kasuwa, masu rami ɗaya na fita waje da aka rubuta wa WAN da huɗu na cikin gida da aka rubuta wa LAN, ƙafa biyu kawai gare su. Ramukan LAN huɗun nan suwic ne da aka gina a cikin akwatin, duk rezo ɗaya ne, wifin ma a cikinsa yake. Don haka layi huɗu da suka fito daga irin wannan ruta ba rezo huɗu ba ne. Abin da ke tabbatar da cewa ether2 da ether3 na R1 ƙafafu ne daban shi ne an rubuta wa kowanne adireshinsa. Idan mai zane ya ja layi biyu daga ruta bai sa lamba a kan ko ɗaya ba, zanen bai faɗi komai ba game da iyaka, sai an buɗe saitin rutar an duba. A rutocin MikroTik, alal misali, saitin da suke zuwa da shi yana haɗe ramukan LAN wuri guda a abin da ake kira `bridge`, sai an cire rami daga ciki kafin ya zama ƙafa mai zaman kanta. Haka kuma idan ka ga layi ɗaya tak tsakanin ruta da suwic amma da lambobi biyu a kansa da rubutun VLAN 10 da VLAN 20, to waya ɗaya ce ke ɗauke da rezo biyu, sai ka ƙirga su biyu.

Sai lambar da ke bayan karan nan, /24 da /26, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a duk takardar kuma ita aka fi tsallakewa. Adireshin IPv4 lamba ce mai gurbi 32 a lissafin sifiri da ɗaya na kwamfuta, an kasa ta huɗu, kowane kashi gurbi 8, shi ya sa kowane kashi ke tsayawa tsakanin 0 da 255. Lambar bayan kara tana faɗin gurbi nawa ne daga farko suka zama sunan rezo, sauran kuma su ne na raba wa na'urori. A /24, gurbi 24 na rezo ne, wato kashi uku na farko, 8 suka rage, waɗanda ke ba da adireshi 256. Wannan shi ne abin da kowa ya saba da shi, har ido ya koyi cewa idan kashi ukun farko sun yi daidai to rezo ɗaya ne. Wannan sabo yana karyewa da zarar lambar bayan kara ta wuce 24.

A /26 gurbi 6 ne suka rage, kuma 2 sau kansa har sau shida 64 ne. Ma'ana an yanka 256 ɗin nan gida huɗu: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, daga 128 zuwa 191, daga 192 zuwa 255. A kowane yanki ba a ba na'ura lambar farko domin ita ce sunan rezon, ba a kuma ba da ta ƙarshe domin ita ce ta shela ga kowa, saura 62 na amfani. A allon kwamfuta ba /26 za ka gani ba, 255.255.255.192 za ka gani, shi ake kira maski. Hanya mai sauƙi ta gano faɗin yanki ita ce ka cire lambar ƙarshen maski daga 256: 256 a cire 192 saura 64. Da maskin 255.255.255.128 ne, da faɗin ya zama 128, yanki biyu ke nan.

Da wannan a hannu, a sake duban zanen. Kwamfutar akanta 192.168.10.12 ce, tana yankin farko. NVR 192.168.10.70 ne, yana yanki na biyu. Kashi ukun farkonsu iri ɗaya ne, 192.168.10, amma ba rezo ɗaya suke ba, kuma babu saƙon da zai tashi daga ɗaya zuwa ɗaya sai ya ratsa R1. Ƙofar fitar akanta ita ce 192.168.10.1, ta NVR kuma 192.168.10.65. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce ƙofar fitar na'ura dole ta kasance cikin yankin na'urar, domin ita ce ƙafar rutar da ke tsaye a can.

Ga koken farko da irin wannan ofis zai iya kawowa. Alhaji yana ganin kamarorin sito a wayarsa ko yana Kano ko yana Yamai. Akanta kuwa, da ke zaune taku kaɗan daga NVR, idan ya rubuta 192.168.10.70 a kwamfutarsa ba abin da ke buɗewa. Yakan ce: «Ranka ya daɗe, ni fa tun da aka sa su ban taɓa ganin hoto ba.» Alhaji kuma ya ɗaga waya ya nuna masa hoton sito yana motsi, ya ce kamarori lafiyarsu lau, kwamfutarka ce. Kowannensu gaskiyar abin da ya gani ya faɗa.

A bi saƙon taki-taki a kan takarda. Duk na'urar da za ta aika saƙo tambaya ɗaya take fara yi wa kanta: wanda nake nema yana cikin yankina ko yana waje? Da maskinta take amsawa, ba ta da wata hanyar sani. Kwamfutar akanta tana da /26, ta ga 70 ya wuce 63, ta ce na waje ne, ta miƙa wa 192.168.10.1. R1 ta duba, ta ga yankin 64 zuwa 127 yana ƙafarta ta ether3, ta sauke saƙon a SW2, ya isa NVR. Tafiya ta yi kyau. Saura dawowa.

A ce wanda ya haɗa kamarorin ya sa wa NVR adireshi daidai, ƙofar fita daidai, amma ya bar maski a 255.255.255.0 kamar yadda hannunsa ya saba. Yanzu NVR yana ganin duk lambobi daga 0 zuwa 255 maƙwabtansa ne. Da zai amsa wa .12, sai ya ce ai wannan na cikin gida ne, ba ya bukatar ruta. Sai ya yi shela a kan SW2, ta hanyar da ake kira ARP, yana tambayar wa ke da 192.168.10.12 ya faɗi lambar MAC ɗinsa. Shela ba ta ƙetare ruta. Kwamfutar akanta tana SW1, ba ta ji ba, ba wanda ya amsa, amsar NVR ta mutu a nan.

To me ya sa wayar Alhaji ke gani? Domin idan NVR zai yi magana da intanet, adireshin da yake nema ba ya farawa da 192.168.10, don haka ko da gurguwar maskinsa ya san na waje ne, ya miƙa wa .65, ita kuwa tana nan kusa da shi tana amsawa. Manhajar waya ta irin waɗannan akwatuna tana aiki ne saboda NVR da kansa yake fita ya ƙulla hulɗa da na'urorin kamfanin da ya ƙera shi, wayar Alhaji ta same shi ta can. Kamarorin ma suna naɗa ba matsala, tunda daga .71 zuwa .76 maƙwabtansa ne na gaske. Kuskuren ya shafi rukuni ɗaya tak: na'urorin da ke cikin 192.168.10 amma a wajen yankin 64 zuwa 127. Wannan siffa, ta na nesa yana samu, na kusa sosai yana samu, na tsakiya ba ya samu, kusan kullum maski take nunawa.

Tabbatar da shi ba ya cin lokaci. A kwamfutar akanta:

```
ipconfig
ping 192.168.10.1
ping 192.168.10.65
ping 192.168.10.70
```

Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da Faransanci suke, don haka layukan da za a duba a sakamakon umarnin farko su ne `Adresse IPv4`, `Masque de sous-réseau` da `Passerelle par défaut`, a gwada su da abin da ke takarda. Idan .1 ta amsa, wayar akanta da SW1 lafiya suke. Idan .65 ta amsa, kwamfutar tana iya kaiwa ɗaya ƙafar R1. Idan .70 ya ba da `Délai d'attente de la demande dépassé`, an matse matsalar zuwa tsakanin ether3 da NVR, ko cikin dokokin tacewar R1. Gwajin da ke raba gardama shi ne a soka laftof a SW2, a ba shi 192.168.10.80 da maskin 255.255.255.192, a sake kiran .70. Idan ya amsa daga nan, NVR yana raye, wayarsa na aiki. Sai a shiga saitinsa a duba maski da ƙofar fita. Gyaran lamba ɗaya ce, 0 ta koma 192. A sani kuma, wasu rutoci suna da saitin `proxy-arp` wanda ke sa ruta ta amsa shelar a madadin na'urar da ke ɗaya gefen. Inda aka kunna shi kuskuren maski yana ɓoyewa, komai na aiki, sai ranar da aka sauya ruta ya bayyana, a ɗora wa sabuwar laifin da ba nata ba.

Koke na biyu ya shafi R2, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin kusan kowane ƙaramin ofis yana da irinta. Wifi bai kai ɗakin Alhaji ba, aka aiki yaro kasuwa ya sayo ƙaramar ruta, aka ja waya daga SW1 aka soka a raminta na WAN, intanet ya zo, kowa ya ji daɗi. Zanen ya nuna abin da ya faru a zahiri: an haifi sabon rezo, 192.168.0.0/24, a cikin cikin na ofis. Laftof ɗin Alhaji yana samun adireshi kamar 192.168.0.101 daga R2, ba daga R1 ba.

R2 tana yin abin da ake kira NAT: duk saƙon da ya fito daga bayanta tana goge adireshin mai aikowa ta sa nata na WAN, wato 192.168.10.30, ta riƙe lissafin wa ya aiko domin ta mayar masa da amsa. Ana bukatar wannan dabara ne saboda adireshin da ke farawa da 192.168, da masu farawa da 10, da na 172.16 zuwa 172.31, an keɓe su tun 1994 domin amfanin cikin gida, ba sa yawo a intanet. NAT tana barin na ciki ya fara magana da na waje, amma na waje ba shi da hanyar fara magana da na ciki.

Sakamakon wannan a ofis abu uku ne da suke kama da ba su da alaƙa. Laftof ɗin Alhaji ba ya ganin firinta idan ya ce kwamfuta ta nemo masa, domin neman da shela ake yin sa, shelar kuma ta tsaya a R2. Amma idan aka rubuta masa 192.168.10.20 da hannu, takarda na fita, tunda shi ya fara magana. Sikanin kuwa, inda firinta ce za ta tura takarda zuwa laftof, ba zai taɓa tafiya ba: firinta za ta miƙa saƙon 192.168.0.101 ga R1, R1 kuma ba ta san wani rezo mai wannan lamba ba, sai ta tura shi hanyar intanet ya ɓace. Ko da an koya mata hanyar, R2 za ta tare shi a raminta na WAN. Umarni ɗaya daga laftof ɗin, mai bin sawun saƙo zuwa 8.8.8.8, wani adireshi da ke intanet, yana tona duk tsarin:

```
tracert -d 8.8.8.8
  1   192.168.0.1
  2   192.168.10.1
  3   192.168.8.1
```

Ruta uku saƙon ke ratsawa kafin ya bar ginin. Idan zane ya nuna biyu, umarnin ya nuna uku, akwai akwatin da aka ƙara bayan an yi zanen, sai a tashi a neme shi a bayan kabad ko a saman silin.

Abin da ya fi damuna da wannan tsari ba sikanin ba ne. Da yawa suna ɗauka cewa tunda wifi yana da lambobinsa daban, baƙin da aka ba kalmar sirri, direbobi da dillalai da masu jiran Alhaji, an raba su da kwamfutocin ofis. Zanen ya nuna akasin haka. Katangar R2 baya ta juya wa ofis: tana kare wayoyin baƙi daga kwamfutocin ofis, ba ta kare ofis daga baƙi. Duk wayar da ke kan wifin nan tana iya kiran 192.168.10.10, kwamfutar ajiya inda lissafin kuɗi da sunayen abokan ciniki suke, kuma a idon kwamfutar ajiya saƙon daga .30 ya fito, ɗan gida. Haka abin yake tsakanin yankin ma'aikata da na kamarori. Raba rezo da lamba yana tsayar da shela, amma aikin ruta na asali shi ne sada yankunan da ke ƙafafunta, kuma za ta sada su sai an rubuta mata dokar hani. Zanen da bai nuna irin wannan doka ba, a ɗauka babu ita har sai an gani da ido a saiti.

Gyaran matsalar ma'aikata shi ne a sauke R2 daga matsayin ruta ta zama mai watsa wifi kawai. A shiga saitinta a kashe DHCP, wato aikin raba adireshi, a ba LAN ɗinta adireshi daga yankin ofis wanda ba kowa a kai, kamar 192.168.10.2 da maskin 255.255.255.192, sannan a cire waya daga WAN a mayar ɗaya daga ramukan LAN. Yawancin sababbin rutoci suna da zaɓin `Access Point` da ke yin duk wannan a taɓawa ɗaya. Daga nan laftof ɗin Alhaji zai karɓi adireshi daga R1, ya zauna yanki ɗaya da firinta, a zane kuma gungu huɗu su koma uku.

Jerin matakan yana da muhimmanci. Idan aka mayar da waya ramin LAN aka manta ba a kashe DHCP ba, masu raba adireshi sun zama biyu a rezo ɗaya, kuma kwamfuta takan karɓi tayin wanda ya riga amsawa. A garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo, musamman lokacin zafin Afirilu da Mayu, wannan cuta takan zo ta tafi ba tsari: duk sanda wuta ta dawo, na'urori suna tashi tare, wadda ta riga kammala tashi a cikin rutocin biyu ita ke raba lambobi. Kwamfutar da ta samu 192.168.0 da wani abu za ta ɗauki R2 a matsayin ƙofar fita, R2 kuwa raminta na WAN fayau yake, intanet ya yanke mata alhali ta kusa da ita tana aiki. `ipconfig` yana nuna wannan nan take. Idan kuma adireshin da ya bayyana da 169.254 ya fara, ba wanda ya amsa mata sam, ita ta raɗa wa kanta lamba, sai a duba waya, ko suwic, ko ko lambobin rabawa sun ƙare.

Ƙarewar lambobi ba abin wasa ba ne a /26. Idan an keɓe .1 zuwa .30 domin na'urorin da ake sa wa adireshi da hannu, abin da ya rage wa DHCP daga .31 zuwa .62 ne, guda 32. Ma'aikata goma, kowa da kwamfuta da waya, sun cinye 20. Da R2 tana ruta duk wayoyin a bayan lamba ɗaya suke ɓoye, yanzu kowace tana cin tata. Idan aka bar baƙi a kan wannan wifi, ranar da ofis ya cika lambobi za su ƙare, kuma wanda zai rasa yana iya zama akanta da ya makara.

Shi ya sa baƙi ke bukatar nasu wurin, kuma zanen ya riga ya nuna inda yake: yanki na uku, 128 zuwa 191, ba kowa a cikinsa. A cire ether4 na R1 daga `bridge` idan yana ciki, a ba shi 192.168.10.129/26, a kunna masa DHCP daga .130 zuwa .190, a soka masa mai watsa wifi na baƙi. Sannan a rubuta doka a sashen `Firewall` na R1, wato wurin dokokin tacewa: duk saƙon da ya taso daga 192.168.10.128/26 yana neman 192.168.10.0/25 a jefar da shi. An zaɓi /25 ne domin faɗinsa 128, daga 0 zuwa 127, ya rufe yankin ma'aikata da na kamarori a layi ɗaya. Dokar sai ta zo sama da duk wata dokar da ke ba da izinin wucewa gaba ɗaya, domin ruta daga sama take karantawa ta tsaya a ta farkon da ta dace. Wata doka daban ake bukata domin hana baƙi buɗe shafin saitin R1 kanta, tunda saƙon da ke neman rutar ba ratsa ta yake yi ba, a wurinta yake sauka. Haka ma 192.168.8.1, shafin akwatin 4G, yana wajen /25 ɗin nan, sai an ambace shi da sunansa.

Ana gwada aikin ne daga laftof da ke kan wifin baƙi. `ipconfig` ya nuna adireshi tsakanin .130 da .190 da ƙofar fita .129. Kiran 8.8.8.8 ya samu amsa. Kiran 192.168.10.10 da na 192.168.10.70 su tafi ba amsa. Daga kwamfutar akanta kuma .70 da .20 su ci gaba da amsawa. Idan huɗun nan sun tabbata, sai a ɗauko takardar a ja layin ether4 da lambarsa, a soke WAN da LAN ɗin R2 a rubuta 192.168.10.2, a ja ɗan kara mai nuna hani tsakanin yankin baƙi da sauran biyun, a sa kwanan wata a ƙasa.